Tikitin da ya tsayar da manhajar makaranta, da yadda aka gano shi

Tawaga ce ta mutum shida a Kano, suna gina wa wata makarantar kuɗi mai rassa uku manhajar waya, wadda iyaye za su riƙa biyan kuɗin makaranta da ita, su kuma ga sakamakon jarabawar 'ya'yansu. An yi yarjejeniya cewa manhajar za ta hau Google Play kafin a dawo daga dogon hutu a tsakiyar Satumba, domin a makonni biyun farko na zango ne ake karɓar mafi yawan kuɗi. A farkon Agusta shugaban tawagar ya nemi in duba musu allon aikinsu da ke Jira, manhajar bin diddigin ayyuka inda kowane aiki yake da tikitinsa. Ba wai yana zargin wani abu ba ne. Hajiya mai makarantar ce ta ce tana son tabbaci a rubuce cewa za a cika alkawari, shi kuma yana son wani na waje ya sa ido kafin ya sa hannu.

Idan ka kalli allon, babu abin da zai tayar maka da hankali. Gurbi huɗu ne: `To Do`, `In Progress`, `Review` da `Done`. Na ƙarshen cike yake, sauran ukun kuma babu cunkoso. Suna aiki zango-zango na mako biyu, kowace safiya suna tsayuwar minti goma kowa ya faɗi abin da yake yi. Biyan kuɗi yana aiki a gwaji, shafin sakamako ya kammala. Tikiti 94 ne a buɗe, kuma da aka tambayi masu rubuta manhajar, kowa ya ce abin da ke hannunsa ba zai wuce mako uku ba. Gaskiya suka faɗa. Abin da zai hana a cika alkawarin ba ya hannun ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba ya kan allon da suke kallo kullum.

Tambayar farko da kowa yake yi wa Jira idan yana neman aikin da ya kwanta ita ce ta ranar da aka taɓa tikiti ta ƙarshe:

```
project = MAK AND statusCategory != Done AND updated <= -21d
```

Wato a nuno duk abin da bai kammala ba, wanda kuma ba a taɓa shi ba cikin kwana 21. Tikiti biyu kacal suka fito, dukansu kuma ƙananan gyare-gyaren launi ne. Wanda bai san halin filin `updated` ba sai ya rufe kwamfuta ya ce lafiya lau. Amma wannan fili ba motsin aiki yake aunawa ba. Duk abin da ya shafi tikitin yana sabunta shi: wani ya ƙara lakabi, wani ya rubuta “to” a ƙasa, an rufe zango an tura abin da bai gamu ba zuwa na gaba. A ƙarshen Yuli shugaban tawagar ya zaɓi kusan duk tikitocin da ke buɗe ya yi musu `Bulk change`, ya sa musu `Fix versions` ɗaya don ya haɗa rahoto. Da wannan dannawa guda, tikitin da ya yi wata uku a kwance da wanda aka buɗe jiya suka zama sa'o'in juna.

Don haka sai na sauya tambayar. Maimakon yaushe aka taɓa shi, sai na tambayi yaushe ya tashi daga matsayin da yake:

```
project = MAK AND statusCategory != Done
AND created <= -21d
AND NOT status CHANGED AFTER -21d
ORDER BY created ASC
```

Layin `created` yana da amfani, domin idan babu shi, tikitin da aka buɗe shekaranjiya ma zai fito, tunda shi ma bai taɓa sauya matsayi ba. Wannan karon tikiti 37 suka fito. Kwana 21 ɗin ba doka ba ce. Na zaɓe shi ne saboda zangonsu mako biyu ne, kuma aikin da ya tsallake zango guda da rabi bai motsa ba ya cancanci a tambayi lafiyarsa. Tawagar da ke fitar da aiki kowane mako sai ta rage zuwa kwana goma.

Ba duka 37 ɗin ne matsala ba. Fiye da rabinsu tunani ne da aka ajiye don gaba, irin su “a ƙara harshen Larabci”, kuma kwanciyarsu ba ta cutar da kowa. Abin nema shi ne waɗanda wani aiki yake jira. Nan ne mahaɗan da Jira ke sawa tsakanin tikitoci suke shigowa, wato `blocks` da `is blocked by`:

```
project = MAK AND statusCategory != Done
AND issueLinkType = "is blocked by"
```

Wannan tambaya tana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Tana nuna cewa tikiti yana da mahaɗin tarewa, amma ba ta duba ko abin da ya tare shi yana nan a buɗe ko an rufe shi tuni. Jira da kanta, ba tare da ƙarin kayan da ake saye ba, ba ta iya haɗa waɗannan sharuɗɗa biyu a tambaya ɗaya. Dole mutum ya buɗe kowanne ya gani da idonsa. Da yake tara ne suka fito, aikin bai fi na rabin awa ba.

Wanda ya fi muhimmanci a cikinsu shi ne MAK-88, ɗora manhajar a Google Play. Yana `To Do`, da sunan ɗaya daga cikin manyan masu rubuta manhajar, an ƙiyasta masa kwana ɗaya. Babu wanda ya damu da shi, don kowa ya ɗauka aikin ƙarshe ne, sai an gama komai za a yi shi. A jikinsa akwai mahaɗi zuwa MAK-41, buɗe asusun Play Console, wanda da shi ake ɗora manhaja a Google Play, da sunan makarantar. Shi wannan yana `In Progress` tun watan Mayu, kuma tarihinsa ya nuna an tura shi daga zango zuwa zango sau biyar. A Jira, idan ka buɗe filin `Sprint` na tikiti za ka ga jerin duk zangunan da ya ratsa. A wurina wannan jeri ya fi kowane rahoto faɗin gaskiya: tikitin da ke ɗauke da sunan zango biyar ba aiki ake yi a kansa ba, jan sa kawai ake yi.

MAK-41 kuma yana da nasa mahaɗin zuwa MAK-17, samo wa makarantar lambar D-U-N-S, wadda Google ke nema kafin a buɗe asusun. Na koma kan allo ina neman MAK-17, ban gan shi a kowane gurbi ba, ban kuma gan shi a jerin ayyukan da ke jiran layi ba. Sai da na buga lambarsa kai tsaye ya buɗe. Matsayinsa `Waiting for client`. Wani ne ya ƙirƙiri wannan matsayi a watan Afrilu, da kyakkyawar niyya, don a ware abin da ake jira daga makaranta. Amma bai shiga saitin allo ya ba shi gurbi ba. A shafin `Columns` na saitin, matsayin yana zaune a ƙarƙashin `Unmapped statuses`, kuma duk tikitin da ya shiga matsayin da ba shi da gurbi, ɓacewa yake yi daga allon baki ɗaya. Yana nan a rumbun bayanai, bincike yana samo shi, amma tsayuwar safe ba za ta taɓa ganinsa ba. Tikiti huɗu ne suka faɗa wannan rami.

A filin `Assignee` na MAK-17 akwai suna. Wani matashi ne da ya yi hidimar ƙasa a kamfanin, shi aka ɗora wa duk aikin takardu da zirga-zirga. Ya gama hidimarsa a watan Yuni ya koma garinsu, an yi masa walima, ba a kuma rufe asusunsa ba. Saƙonsa na ƙarshe a kan tikitin na 9 ga Mayu ne: ya nemi kwafin takardar rajistar CAC daga ma'ajin makarantar, ma'aji ya ce takardar tana wurin Hajiya, Hajiya kuma ta yi tafiya. Daga nan shiru. Ma'aji ya ɗauka yaron zai sake kira, yaron ya ɗauka ma'aji zai aiko, mai riƙe da MAK-41 ya ɗauka yaron yana kai, shugaban tawaga kuma bai ga komai a allo ba.

Abin da ya sa wannan ƙaramar takarda ta fi duk sauran aikin nauyi shi ne lissafin kwanaki. Google yana buƙatar lambar D-U-N-S daga duk wanda zai buɗe asusun Play Console da sunan kamfani ko ƙungiya. Lamba ce mai alƙaluma tara da kamfanin Dun & Bradstreet yake bayarwa kyauta, kuma Google da kansa yana gargaɗin cewa samunta na iya ɗaukar har kwana 30. Bayan ta fito akwai tantance asusun, inda suna da adireshin da aka shigar dole su yi daidai da waɗanda ke jikin lambar. Bayan nan akwai duba manhajar kanta, wanda kan ɗauki kwanaki ga sabon asusu. Ranar 4 ga Agusta muke wannan magana. Idan aka ƙara kwana 30 an kai 3 ga Satumba, ba a ma fara tantancewa ba. Wato tikitin da aka ƙiyasta wa kwana ɗaya yana da jiran kusan mako shida a bayansa, kuma babu yawan ma'aikata ko kwana a ofis da zai rage ko awa ɗaya daga ciki. Aikin da ke hannunka za ka iya ƙara masa gudu. Wanda ke layin wani, abin da kawai ke hannunka shi ne ranar da ka shiga layin.

Da na nuna wa shugaban tawagar sarƙar, sai ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, ai wannan tikitin yana da mai shi.”

Na ce, “Yallaɓai, yana da suna dai. Kira shi mu ji ranar da zai karɓo takardar.”

Wannan ita ce jarabawar da nake yi wa duk tikitin da ake cewa yana da mai shi: shin mutumin da sunansa ke jiki zai iya faɗin mataki na gaba, da ranar da zai ɗauke shi? Idan ba zai iya ba, tikitin maraya ne ko da filin a cike yake. A wannan aikin tambayar da aka saba yi, `assignee is EMPTY`, tikiti uku kawai ta fitar, kuma dalilin yana cikin saiti. An sa `Default assignee` ya zama `Project lead`, don haka duk sabon tikitin da ba a ba kowa ba, sunan shugaban tawaga yake hawa kai tsaye. Da na tace da sunansa, 41 daga cikin 94 nasa ne. Mutumin da ke zuwa taro, yana biyan albashi, yana neman sabon kwantiragi, ba shi yake riƙe da tikiti 41 ba. Ni a ganina gara a bar filin babu kowa. Fili mara suna yana ƙaiƙayin ido har sai wani ya ɗauka, shi kuwa sunan shugaba kwantar wa kowa da hankali yake yi.

Sauran tikitoci bakwai masu mahaɗin tarewa ba su kai wannan nauyi ba, amma biyu sun nuna wasu fuskokin matsalar. MAK-70, shafin rasit, yana ɗauke da tutar da Jira ke sa wa tikiti idan an danna `Add flag`, yana jiran wani aiki da aka rufe tun makonni uku da suka wuce. Mai tikitin ya koma wani aikin, babu kuma wanda ya gaya masa hanya ta buɗe. Wannan gyaran minti ɗaya ne.

Na biyun ya fi haɗari, domin akasin haka ne. MAK-63, aika lambar sirri ta tes ga iyaye lokacin yin rajista, yana jiran MAK-52, yi wa makarantar rajistar sunan da zai riƙa bayyana a matsayin mai aiko saƙo. MAK-52 yana `Done`, Jira ta ja layi a kan lambarsa, kowa ya ɗauka an wuce wurin. Da na karanta saƙonnin ciki, an rufe shi ne ranar da aka cike fom aka tura wa kamfanin da ke aika saƙonnin, ba ranar da aka amince ba. Kuma layin da aka nema na tallace-tallace ne. A Najeriya mutane da yawa sun tura `STOP` zuwa 2442 don hana saƙonnin talla shigo musu, saƙon da ya bi layin talla kuma ba zai isa irin waɗannan lambobi ba. Lambar sirri tana buƙatar layin da aka ware wa saƙonnin hulɗa. Da an saki manhajar a haka, wasu iyaye za su tsaya a shafin rajista suna jiran lambar da ba za ta zo ba, makaranta kuma ta ce manhajar ba ta aiki. Laifin yana cikin taken tikitin. An rubuta “a nemi rajista”, an kuwa nema. Da an rubuta “saƙon gwaji ya isa lambar da ta hana talla”, babu wanda zai rufe shi a ranar tura fom.

Akwai kuma tarewar da babu mahaɗinta ko kaɗan, wadda ke cikin maganar mutane kawai. Ita sai a bi ta saƙonni:

```
project = MAK AND statusCategory != Done
AND (comment ~ "waiting" OR comment ~ "jiran")
```

An sa kalmomi biyu ne saboda tawagar tana cakuɗa Hausa da Turanci a rubutu. Wannan ya fito da tikiti shida da wani ya rubuta yana jiran wani abu, ba tare da an sa mahaɗi ko tuta ba. Abin da aka faɗa a WhatsApp kuwa, babu tambayar da za ta kamo shi, sai dai a zaunar da kowa a tambaye shi: me kake jira, daga wurin wa?

Game da MAK-17, zaɓi uku ne a gaban tawagar. Na farko, a buɗe asusun da sunan mutum ɗaya, wanda ba ya buƙatar D-U-N-S. Amma asusun mutum da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamba 2023 sai ya yi gwajin rufe da masu gwaji aƙalla 12 na kwana 14 a jere kafin ya nemi izinin sakin manhaja ga jama'a (da farko 20 ne, aka rage a ƙarshen 2024). Bayan haka sunan wani ma'aikaci ne zai bayyana a matsayin mai manhajar da iyaye za su zuba kuɗi a ciki, abin da Hajiya ta ƙi amincewa da shi, ina kuma ganin ta yi daidai. Na biyu, a raba wa iyaye fayil ɗin manhajar ta WhatsApp su girka da kansu. Wannan ni na hana. Koya wa iyaye su kashe kariyar wayarsu su girka abin biyan kuɗi da aka turo musu a saƙo, buɗe wa 'yan damfara ƙofa ne, don gobe wani zai turo nasa fayil ɗin da tambarin makarantar. Na uku shi aka ɗauka: a shiga layin D-U-N-S a ranar, a kuma karkatar da mutum biyu su gyara shafin yanar gizo na biyan kuɗi ya zauna daidai a waya, don ya riƙe makonnin farko na zango.

Shugaban tawagar da kansa ya tafi makarantar da yammacin ranar ya karɓo takardar. A nan aka ga abin da da zai sake cinye wasu makonni: sunan da ke jikin rajistar ba shi ne wanda ke kan allon ƙofar makaranta ba, adireshin kuma na tsohon gininsu ne. Da yake an gani da wuri, aka cike komai da sunan rajista harafi da harafi. Lambar ta fito kafin ƙarshen Agusta, manhajar ta hau Google Play kimanin mako biyu bayan an koma makaranta. Alkawarin ranar bai cika ba, amma Hajiya ta san da haka tun 5 ga Agusta, kuma an karɓi kuɗin zango ta shafin.

Ragowar tikitocin da suka kwanta an zauna a kansu awa ɗaya, kowanne aka yi masa ɗaya daga cikin uku: a rufe shi da `Won't Do` tare da layi ɗaya na dalili, a ba wani wanda ya amsa da bakinsa ya kuma faɗi rana, ko a cire sunan kowa a mayar da shi jerin masu jiran layi. Wani daga cikinsu ya kawo shawarar a sa doka ta atomatik da za ta rufe duk tikitin da ya yi kwana 60 bai motsa ba. Ban goyi baya ba. Irin wannan doka da ta rufe MAK-17 a watan Yuli, Jira ta ja layi a kansa, MAK-41 ya zama kamar hanyarsa a buɗe take. Tsufan tikiti dalilin tambaya ne, amma hukuncin rufewa sai wanda ya karanta abin da ke rataye a jikinsa.

Gyaran da aka yi wa allon kansa kaɗan ne. An ba `Waiting for client` gurbinsa a tsakiya, aka kunna `Days in column` don ɗigogin da ke nuna daɗewa su fito a jikin kowane kati. Duk tikitin da ya shiga wannan gurbi yana riƙe da sunan ɗan tawaga, ba na makaranta ba, kuma `Due date` ɗinsa ita ce ranar da za a sake kira. An mayar da `Default assignee` zuwa `Unassigned`. Tambayar nan ta sauyin matsayi an adana ta, an sa Jira ta riƙa aiko da sakamakonta ta imel kowace Litinin da safe, aka kuma ɗora wa mutum ɗaya karanta ta a tsayuwar ranar, ana juyawa kowane wata. A takardar sallamar ma'aikaci kuma an ƙara layi ɗaya: kafin a rufe asusunsa, a tace tikitocin da ke ɗauke da sunansa, shi da wanda zai gaje shi su bi su ɗaya bayan ɗaya.